Kundin 'yan jarida na gajeren fim da hannuwan da yake bi

Duk wanda ya kammala gajeren fim ya fara aika shi bukukuwan baje kolin finafinai, ba zai jima ba sai an nemi ya turo kundin bayanai na 'yan jarida. Abin da ake nufi da shi sananne ne: taƙaitaccen labarin fim ɗin, da ɗan tarihin 'yan wasa da na ma'aikatan da suka yi aikin, da hotuna marasa motsi da aka ɗauka daga fim ɗin ko daga wurin ɗaukarsa, sai kuma adireshin wanda za a tuntuɓa. Da yawa daga cikin masu shirya fim suna kallon wannan kundi tamkar ƙasidar talla, shi ya sa suke ɓata ƙarfinsu wajen ƙawata shafuka da zaɓen launi da kalmomin yabo. A ganina nan ne kuskuren yake farawa, domin da wuya a sami wanda zai zauna ya karanta kundin daga farko har ƙarshe don ya ji daɗinsa. Waɗanda suke buɗe shi mutane ne da ke tsakiyar wani aiki, kuma abin da ya kawo su shi ne su ciri abu ɗaya ko biyu su sa a nasu shafin, ba tare da sun tambayi mai fim ɗin komai ba.

Yana da kyau mutum ya san ko su wane ne waɗannan mutane. Akwai editan littafin biki, wanda aka ba shi ɗan gurbi ƙayyadadde domin kowane fim, ya sa hoto ɗaya da layi uku ko huɗu na labari da jerin sunaye. Akwai mai kula da shafukan sada zumunta na bikin, wanda hoton tsaye yake nema saboda fuskar waya. Akwai ɗan jaridar da ya kalli gajerun finafinai shida ko bakwai a zama ɗaya, ya koma masaukinsa da dare yana ƙoƙarin tuna wane ne ya fito a wanne. Akwai kuma wanda zai hau dandamali ya gabatar da darakta kafin a kashe fitilu, wanda abin da yake buƙata bai wuce jimla biyu da zai iya faɗa da baki ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Manyan bukukuwan gajerun finafinai, irin na Clermont-Ferrand a Faransa ko na Oberhausen a Jamus wanda aka kafa tun 1954, suna karɓar dubban finafinai a kowace shekara, kuma waɗanda suka tsallake zaɓe ma suna da yawa. A irin wannan cunkoso babu wanda zai rubuto wa darakta wasiƙa don ya tambayi yadda ake rubuta sunan jarumarsa, abin da ya tarar a kundin shi zai kwafa, daidai ne ko kuskure.

Domin maganar ta tsaya a kan ƙafarta, bari mu ƙaddara wani fim mu bi shi. A ce labarin wata yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu da ke karanta wa kakanta makaho wasiƙun da mahaifinta yake aikowa. Mahaifin yana gidan yari, amma ita takan sauya abin da ke cikin takardar, ta ce masa ɗansa yana aiki a wani gari mai nisa kuma yana cikin ƙoshin lafiya. Wata rana sai wasiƙa ta zo ɗauke da ranar da za a saki mahaifin, kuma a ƙarshen fim ɗin sai ta gane cewa tsohon ya daɗe da sanin gaskiya, shi ma yana ɓoye mata ne don kada ta ji kunyar ƙaryarta. Tsawon fim ɗin minti 14 da daƙiƙa 30, kuma 'yan wasa biyu ne suka ɗauki kusan dukkan nauyinsa.

Abu na farko da irin wannan fim yake buƙata shi ne labarinsa a tsawo uku daban-daban, kowanne an rubuta shi da kansa, ba wai a rubuta dogo a bar wa edita ya datse ba. Na farko jimla ɗaya ce tak, wadda ba ta wuce kalma ashirin da biyar zuwa talatin ba. Na biyu ɗan sakin layi ne na kalma hamsin zuwa tamanin, kuma shi ne wanda ya fi yawo, domin shi ake zubawa a littafin biki da shafin sayar da tikiti. Na uku ya kai kalma ɗari biyu ko ɗari biyu da hamsin, kuma an yi shi ne domin masu zaɓen finafinai da masu saye da 'yan jaridar da za su yi sharhi. Dalilin wannan wahala shi ne, idan aka ba edita kalma ɗari biyu alhali gurbinsa na hamsin ne, ba zai zauna ya sake tsara labarin ba, zai ɗauki jimlolin farko ne ya yar da sauran. Idan kuwa jimlolin farkon nan shimfiɗa ce kawai a kan yanayin gari da halin rayuwa, to abin da zai fito a littafin ke nan, ba yarinya ba kaka ba wasiƙa.

Ga yadda masu sabon hannu suka saba rubuta jimla ɗayar: "Labari ne mai sosa zuciya a kan ƙauna da sadaukarwa da ɓoyayyen sirrin da ke tsakanin iyali." Wannan jimla za ta iya zama a ƙarƙashin finafinai ɗari ba tare da an sauya mata ko harafi ɗaya ba, kuma wanda ya karanta ta bai ƙaru da komai ba face sanin cewa mai fim ɗin yana son fim ɗinsa. A kwatanta ta da wannan: "Wata yarinya tana karanta wa kakanta makaho wasiƙun mahaifinta da ke gidan yari, tana sauya abin da ke ciki, har ranar da wasiƙar sakinsa ta iso." A nan an san wace ce, an san abin da take yi, an san abin da ya zo ya dagula mata lissafi, kuma ba a faɗi ƙarshe ba. Babu kalmar yabo ko ɗaya a ciki, kuma ba ta buƙata, domin mai karatu da kansa zai tambayi yadda za ta yi idan mutumin ya shigo gida. Hanyar gwada irin wannan jimla mai sauƙi ce: a karanta wa wanda bai ga fim ɗin ba, sannan a ce ya maimaita abin da ya ji. Idan ya iya faɗin mutum da aiki da matsala, jimlar ta yi. Idan kuwa abin da ya iya cewa shi ne fim ne na tausayi, sai a koma a sake.

Batun faɗin ƙarshen labari yana yawan jawo gardama, kuma a gajeren fim ya fi tsanani, domin sau da yawa dukkan ƙarfin fim ɗin yana rataye ne a kan minti ɗaya na ƙarshe. Ra'ayina shi ne gajere da matsakaici kada su taɓa ƙarshe ko da ishara, tun da su ne masu kallo za su gani kafin su shiga zaure. Dogon kuwa ya kamata ya faɗi komai, har da cewa tsohon ya san gaskiya, saboda mai saye ko mai zaɓe yana so ya san abin da fim ɗin ya ƙunsa ne, ba a ja masa rai ba. Sai dai wajibi ne a rubuta gargaɗi a samansa cewa wannan ya ƙunshi ƙarshen labari kuma ba na bugawa ba ne, kuma a sa shi a ƙasa, bayan sauran biyun. Inda aka sa shi a shafin farko ba gargaɗi, to kada a yi mamaki in an wayi gari an ga sirrin fim ɗin a shafin bikin, kuma laifin ba na editan ba ne.

Hotuna su ne sashen da ya fi cancantar a tsaya a kansa, saboda dalili ɗaya: duk sauran abubuwan da ke cikin kundin ana iya rubuta su ko gyara su bayan an gama fim, amma hoto in ba a ɗauke shi a ranakun aiki ba, ya wuce. An rushe ɗakin da aka shirya, an mayar da fitilun haya, yarinyar da ta yi wasan ta ƙara tsawo ta sauya kama cikin 'yan watanni. A gajeren fim, inda kuɗi kaɗan ne kuma kwanakin ɗauka ba su da yawa, mai ɗaukar hoto marar motsi shi ne mutum na farko da ake sokewa daga lissafi, da hujjar cewa ai za a iya ciro hotuna daga cikin fim ɗin kansa. Ana iya cirowa, amma akwai iyaka, kuma iyakar lissafi ne da kowa zai iya yi.

Masu buga littafi da mujalla suna neman hoto mai ɗigo 300 a kowane inci, abin da ake rubutawa 300 dpi. Fim ɗin da aka kammala a ma'aunin 1920 da 1080 yana ba da hoto mai fiksel 1920 a faɗi, kuma idan aka raba wannan da 300 za a sami inci 6.4, wato kimanin santimita 16, tsayinsa kuma kimanin santimita 9. Wannan ya isa ɗan gurbin littafin biki, amma bai cika faɗin takardar A4 ba, wadda take santimita 21, balle a yi maganar bango ko fosta. Idan kuma fim ɗin mai faɗin nan ne na 2.39:1, to bayan an cire baƙaƙen layukan sama da ƙasa tsayin da ya rage bai wuce fiksel 800 da 'yan kai ba, ƙasa da santimita 7 ke nan a takarda. Yanzu a ce mai kula da shafin sada zumunta yana son hoton tsaye, ya yanko tsakiyar wannan siririn hoto. Abin da zai rage a hannunsa ɗan guntu ne wanda ko dai ya ƙunshi yarinyar ba kakan, ko kakan ba yarinyar. Kyamarar hoto mai megafiksel 24 kuwa tana ba da fiksel 6000 da 4000, wanda ya haura santimita 50 a faɗi, kuma ana iya yanka shi a tsaye ko a kwance ba tare da ya lalace ba.

A nan akwai wata dabara da mutane suke yaudarar kansu da ita. Idan biki ya ce a turo hoto mai 300 dpi, sai mutum ya buɗe ƙaramin hotonsa a manhajar gyaran hoto, ya sauya lambar daga 72 zuwa 300, ya aika yana ganin ya cika sharaɗi. Wannan lamba lakabi ce kawai da ke gaya wa na'urar bugawa yadda za ta jera ɗigon, ba ta ƙara wa hoton fiksel ko ɗaya. In kuma aka tilasta wa manhajar ta ƙirƙiro ƙarin fiksel, hoton zai yi girma amma ya yi laushi, gefen fuska da zaren tufafi su narke. Abin dubawa a koyaushe shi ne adadin fiksel na faɗi da na tsayi, kuma idan ɓangaren da ya fi tsawo bai kai 3000 ba, gara a faɗa wa bikin gaskiya tun da wuri domin su san girman da za su buga shi.

Matsala ta biyu ta hoton da aka ciro daga fim ita ce dishi-dishin motsi. Fim ɗin da ake ɗauka a firam 24 cikin daƙiƙa, wato hotuna 24 a jere, yakan bar idon kyamara a buɗe na kashi ɗaya cikin 48 na daƙiƙa a kowane firam, kuma da gangan ake yin haka domin motsi ya zo wa ido da santsi. Amma idan aka tsayar da firam ɗaya, hannun yarinyar da ke buɗe ambulan zai fito kamar an shafe shi, kuma in ta juya kai a wannan lokaci fuskar ma ta tafi. Mai ɗaukar hoto marar motsi yakan yi aiki da kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri, shi ya sa nasa yake fitowa tsaf. Wanda dole ta sa shi ciro hoto daga fim, to ya nemi wurin da ɗan wasa ya tsaya cak, ya bi firam-firam har ya sami wanda ido yake a buɗe kuma baki ba a karkace ba. Ya kuma tabbata daga kwafin ƙarshe da aka gyara wa launi ya ciro, ba daga ɗanyen abin da kyamara ta naɗa ba, wanda yakan fito fari-fari kamar an wanke shi, ba kuma daga kwafin kallo da aka matse domin intanet ba. Haka nan ya cire rubutun fassara da tambarin tsaro da lambobin lokaci, domin hoton da ke ɗauke da ɗaya daga cikinsu edita zai ajiye shi gefe ne kawai.

Hanyar da ta fi ita ce a ware wa hoto lokaci a cikin jadawalin ɗauka, ko da na rana ɗaya ne, a zaɓi ranar da manyan 'yan wasan suke tare kuma ake ɗaukar fitowar da ta fi wakiltar fim ɗin. A namu misalin, fitowar karatun wasiƙa ce. Da zarar darakta ya gamsu da ɗauka ta ƙarshe, kafin a taɓa fitila ko a matsar da kujera, sai mataimakinsa ya ce kowa ya tsaya inda yake na minti biyu ko uku, 'yan wasan su maimaita yanayin, mai hoto ya shiga daidai inda kyamarar fim take ya ɗauka a kwance, ya ɗauka a tsaye, ya ja baya ya bar sarari a sama da gefe domin wanda zai ɗora rubutu daga baya. Kyamarorin zamani marasa madubi suna iya ɗauka ba ƙara, don haka ana iya yin wasu hotunan ana tsakiyar wasa ba tare da an ɓata wa mai naɗar sauti aikinsa ba, abin da a da sai an saka kyamara cikin akwati mai toshe ƙara.

Wajen zaɓe kuma, yawa ba ya taimako. Hotuna biyar zuwa takwas sun isa gajeren fim, kuma a cikinsu a nuna guda ɗaya a ce shi ne babba, domin idan fim yana fitowa da hoto iri ɗaya a kowane biki, mutane sukan fara gane shi tun kafin su karanta sunansa. Babban hoton nan ya zama mai fuska, mai haske, wanda za a gane abin da ke cikinsa ko da an ƙanƙanta shi ya koma girman ɗan yatsa a fuskar waya. Darakta yakan so hoton da ya fi wahalar ɗauka, misali ɗaki mai duhu da ɗan haske ta taga da mutane biyu can nesa, wanda a babban allo yana da kyau ƙwarai amma a takarda baƙin tabo kawai yake zama. Hoton yarinyar riƙe da takarda, idonta a kan kakan ba a kan rubutun ba, ya faɗi labarin gaba ɗaya ba tare da ya tona ƙarshensa ba. A kuma raba hotunan cikin labari da na bayan fage, waɗanda ake ganin kyamara da ma'aikata a ciki. Na bayan fage ɗaya ko biyu sun wadatar, kuma wanda ake nema a cikinsu shi ne na darakta yana aiki, ban da hoton fuskarsa shi kaɗai da kusan kowane biki yake tambaya.

Hoto yakan rabu da kundin tun a zangon farko, a sauke shi a wata na'ura, a tura wa wani, a sake turawa. Saboda haka bayaninsa ya kamata ya bi shi a jikinsa, kuma wuri mafi sauƙi shi ne sunan fayil ɗin. Fayil mai suna irin wanda kyamara take bayarwa, harafi uku da lamba huɗu, yana ɓacewa a cikin ɗaruruwan irinsa a kwamfutar edita. Ga tsarin da ya fi amfani:

```
sunan-fim_01_sunan-jaruma_sunan-jarumi_hoto-sunan-mai-dauka.jpg
```

Ban da wannan, a cikin kundin a yi ɗan jeri da ke cewa hoto na ɗaya wance ce a matsayin jika, daga hagu, tare da wane a matsayin kaka, kuma wane ne ya ɗauka, tare da jimla ɗaya da ke ba da izinin bugawa kyauta domin labari ko sharhin fim ɗin muddin an ambaci mai hoton. Wannan izini ba zai yiwu ba sai in tun farko an yi yarjejeniya a rubuce da mai ɗaukar hoton, domin a dokokin ƙasashe da yawa haƙƙin hoto na wanda ya ɗauka ne sai in an rubuta akasin haka. Su ma 'yan wasa takardar da suka sa wa hannu ta ambaci amfani da hotonsu wajen tallata fim, kuma tun da jarumarmu ƙaramar yarinya ce, iyayenta ko mai riƙonta ne za su sa hannu.

Tarihin 'yan wasa da ma'aikata ba ya buƙatar dogon bayani. A rubuta shi kamar wani ne yake ba da labarin mutumin, ba shi da kansa ba, domin a iya kwafa kai tsaye. Kalma hamsin zuwa ɗari ga darakta, ƙasa da haka ga sauran. A faɗi abin da za a iya tabbatarwa, wato inda ya yi karatu ko ya koyi aiki, finafinan da ya yi da shekarunsu, da bukukuwan da suka je in akwai. Wanda wannan ne fim ɗinsa na farko ya faɗi haka a fili, ba abin kunya ba ne, hasali ma bukukuwa da dama suna da kyauta ta musamman ga aikin farko. Labarin cewa tun yana yaro yake ƙaunar fim kuwa, kowa ma haka yake cewa. Abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne rubutun sunaye: yadda suna ya fito a ƙarshen fim, haka zai fito a kundin da fosta da fom ɗin shiga biki, harafi da harafi, domin sunan da aka rubuta iri biyu yakan zama mutum biyu a rumbunan bayanan finafinai, kuma haɗe su daga baya aiki ne mai cin rai.

Akwai shafi guda da ba a cika ambata ba idan ana lissafa abubuwan da ke cikin kundin, alhali masu shirya biki shi suke fara nema, wato shafin bayanan fasaha: tsawon fim, shekarar kammalawa, ƙasar da ta shirya, harshe da harsunan fassara, ma'aunin allo, tsarin sauti, da nau'in kwafin da ake da shi domin nunawa, kamar DCP ko ProRes. Tsawon fim a rubuta shi da minti da daƙiƙa har da sunayen ƙarshe, ba a ce kusan kwata ba, domin dokoki a kan wannan lamba suke tsayawa. Gasar gajerun finafinai ta Cannes ba ta karɓar abin da ya wuce minti 15, yayin da masu ba da kyautar Oscar suke ɗaukar duk abin da bai wuce minti 40 ba a matsayin gajere. Fim ɗinmu mai minti 14 da daƙiƙa 30, idan a firam 25 aka ɗauke shi sannan aka mayar da shi 24 firam da firam domin sinima, zai koma minti 15 da daƙiƙa 6, ya tsallake iyaka ba tare da an ƙara masa komai ba. Don haka a rubuta adadin firam kusa da tsawon. A wannan shafi kuma a faɗi inda aka taɓa nuna fim ɗin, domin manyan bukukuwa suna da sharuɗɗa a kan nunin farko, kuma bayanin da ya tsufa a nan yana iya jawo a cire fim bayan an zaɓe shi.

Shi kansa kundin ana fitar da shi ne a PDF mai shafuka kaɗan, amma da sharaɗin rubutun ya kasance rubutu na gaske da za a iya kwafa. Wasu masu zane sukan mayar da kowane shafi hoto domin kada tsarinsu ya motsa, sai edita ya tarar dole ya sake buga komai da hannunsa, kuma a nan ne sunaye suke karyewa. Gwajin bai fi na minti ɗaya ba: a buɗe fayil ɗin, a kwafi sakin layi guda, a liƙa shi a shafin rubutu marar ado, a duba ko kalmomin sun zo a jere kuma haruffa masu lanƙwasa ko alama ba su koma akwatuna da alamomin tambaya ba. Hotunan da ke cikin PDF na nuni ne kawai, manyan suna zaune daban a wata ma'ajiya ta intanet. Kada a haɗa su a jikin imel, tun da Gmail alal misali ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabayit 25, kada kuma a tura su ta manhajojin hira a matsayin hoto, domin suna matse shi su rage masa fiksel ba tare da sun yi shawara da kowa ba.

Adireshin tuntuɓa shi ne layi mafi gajarta a kundin, kuma shi ne ya fi saurin mutuwa. Gajeren fim yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu yana zagayen bukukuwa, wani lokaci kuma buƙatar nunawa ko saye takan zo bayan haka, alhali imel ɗin da aka sa na makarantar da darakta ya gama ne kuma an rufe shi, ko kuma mahaɗin sauke hotunan irin wanda yake ƙarewa bayan 'yan kwanaki ne. A sa adireshin da zai daɗe kuma akwai mai duba shi kullum, a rubuta lambar waya da lambar ƙasa a gabanta, a kuma bambance wanda za a nema domin hira da wanda za a nema domin kwafin nunawa ko cinikin haƙƙi, ko da mutum ɗaya ne yake riƙe da duka. Lambobin 'yan wasa ba sa shiga kundin, balle na yarinya ƙarama, duk mai son hira da su ya bi ta hannun furodusa. Kalmar sirrin kallon cikakken fim ma ba ta shiga, tun da kundin yana yawo hannu da hannu kuma fim ɗin da ya bazu a fili yana iya rasa damar shiga wasu gasanni. Ana bayar da ita ne ga wanda ya nema. Kafin a aika, a ba wani mutum mahaɗin ma'ajiyar ya buɗe a na'urar da ba ta taɓa shiga ma'ajiyar ba, domin a tabbata ba ya neman izini ko rajista, sannan a rubuta watan da shekarar da aka sabunta kundin a ƙasan shafin farko, a riƙa sauya fayil ɗin a mahaɗi ɗaya duk lokacin da fim ɗin ya shiga sabon biki ko ya sami kyauta.